Abin da lissafin Woodward ya koya mini game da karatun zanen sinadari

Ƙa'idar Woodward da Fieser hanya ce ta hasashen tsawon zangon hasken UV da sinadari ya fi sha, ta hanyar duban zanensa a tara lambobi. Lambobin ba su kai cikin shafi ɗaya ba, ɗalibi zai iya haddace su da yamma ɗaya. Abin da na fahimta a ajin nazarin sinadarai shi ne, aikin duka yana wajen karanta zanen, tun kafin a fara tara lamba.

Tushen maganar dai ga shi. Itilin, mai tagwan haɗi guda ɗaya tsakanin kabon biyu, wato C=C, yana shan haske ne a wajen nanomita 170, inda na'urar ɗakin gwaji ta yau da kullum ba ta kaiwa. Idan tagwayen haɗi biyu suka jeru da haɗi guda a tsakaninsu, wato C=C–C=C, sai tazarar da lantarkin ƙwayar zai tsallaka ta ragu, shan hasken ya koma 217 kamar yadda ake gani a butadayin. A ƙara na uku, hekzatirayin ya kai 258. Kamar tsirkiyar garaya ce, tana ƙara tsawo muryarta na ƙara kauri. Sinadarin da ke ba karas launinsa yana da goma sha ɗaya a jere, shi ya sa ya fito har cikin hasken da ido ke gani, wajen 450.

Robert Woodward ya tsara lissafin a 1941 da 1942, Louis Fieser ya faɗaɗa shi daga baya da sinadaran sitiroyid. Misalin da ya fi zauna mini shi ne na wasu 'yan uwa biyu masu nauyi ɗaya da ƙwayoyi iri ɗaya, kolesta-3,5-dayin da kolesta-2,4-dayin.

A sitiroyid, ana kiran zobban da haruffa, kowane kabon kuma yana da lambarsa. A na farkon, tagwayen haɗin suna cikin zobe daban-daban, ɗaya a zoben A, ɗaya a zoben B, don haka ana farawa da 214. Sai a dubi kabon huɗun nan, C3 zuwa C6, a ƙirga kowane kabon da ke manne da su daga waje. Akwai C2, akwai C10, akwai C7. Uku ke nan, kowanne 5, ya zama 15. Saura abin da ya fi kayar da mutane a jarrabawa. Haɗin C5=C6 yana cikin zoben B, amma C5 na zoben A ne kuma, saboda haka daga ɓangaren A haɗin leƙowa waje ya yi. Wannan yana da nasa 5. Jimla 234, na'ura kuwa tana nuna 235.

A na biyun, duka tagwayen suna cikin zoben A, zoben ya tilasta musu fuskantar gefe ɗaya, sai tushen ya koma 253. Maƙwabtan kabon uku ne a nan ma, C1 da C6 da C10, kuma C4=C5 ya leƙa waje daga zoben B. Jimla 273, a na'ura 275, kuma tudun da na'urar ke zanawa a inda shan hasken ya fi yawa bai kai na ɗan uwansa tsayi ba. Tazarar kusan 40 ce tsakaninsu. Wannan ne amfanin ƙa'idar a ganina. Ba don a yi gardama kan 234 da 235 aka yi ta ba, an yi ta ne don wanda ke riƙe da farin gari a kwalba ya san wanne daga cikin biyun ya samu.

Inon, wato C=C–C=O, nasa lissafin ya ɗan bambanta, domin wurin da reshe ya zauna yana da tasiri. Tushen 215 ne ga zobe mai kusurwa shida, 202 ga mai biyar. Reshe a kabon α, wanda ke manne da C=O, yana ƙara 10, a β da ke binsa kuma 12. Ɗauki testosteron. Kabon α, wato C4, ba ya ɗauke da komai sai haidurojin. Kabon β, wato C5, yana riƙe da C6 da C10, 24 ke nan, ga 5 na leƙowa waje. An samu 244, ana auna wajen 241 a cikin itanol.

Ruwan narkarwar nan ba ƙaramin abu ba ne. Dayin, wato mai jerin C=C–C=C, bai cika damuwa da shi ba, amma inon ya damu, domin in aka narkar da shi a hekzen tudun kan sauko da wajen 11. Wanda bai rubuta ruwan da ya yi aiki da shi ba, sai ya zargi lissafin alhali lissafin lafiya lau yake. Asiton kuwa shi da kansa yana shanye hasken ƙasa da 330, don haka ragowarsa a ɗan mazubin da aka wanke da shi ta isa ta ɓata awo. Mazubin gilashi ma ba ya aiki a nan, sai na kwaz.

Idan tagwayen haɗin suka wuce huɗu, ana ajiye Woodward a ɗauki lissafin Fieser da Kuhn. Idan kuma awo ya faɗi ƙasa da lissafi sosai, tudun ma ya yi rauni, abin da nake fara dubawa shi ne ko manyan rassa sun cunkushe har sun murɗe jerin ya daina kwanciya a shimfiɗe.