Inda muka tsaya a darasin A320: kariyar kusurwar iska

Ƴan uwa masu koyo, a zaman Asabar nan Yamai an gama da iyakar karkata: jirgi ba ya wuce digiri 67, in an saki sandar tuƙi kuma ya koma 33. Yanzu aiki ya kai ga kariyar da ta fi wuyar kamawa, ta kusurwar iska, wadda littattafai ke rubutawa α.

Ku tuna hannun da aka fitar ta tagar mota a hanyar Doso. Kana ƙara ɗaga bakin tafin, iska na ƙara ɗaga shi, har a kai inda za ta daina ɗagawa ta koma tura shi baya. Haka fiffike yake. Ba gudu ne ke sa ya saki iska ba, kusurwa ce. Shi ya sa A320 ke da ƙananan harsunan ƙarfe uku a jikinsa ta gaba, suna juyawa da iska suna auna wannan kusurwa.

Ga gwajin a jirgin kwamfuta. Ku tashi daga filin Diori Hamani (DRRN), ku hau ƙafa 10,000, ku cire matuƙin kai, ku maida injuna IDLE, ku riƙe tsayi. Idonku a kan ma'aunin gudu na hagun allo. Gudu zai yi ta raguwa har ya taɓa saman zanen baƙi da ruwan goro, wato gudun da ya yi daidai da α prot, kusurwar da kariya ke farawa. A nan ma'anar sandar tuƙi ke sauyawa, kuma nan ne da yawa ke rikicewa. Kafin wannan wuri, ja baya na nufin neman ƙarin nauyin g, wato sau nawa na nauyin jirgi fiffike ke ɗauka, wanda aka kayyade tsakanin +2.5 da -1 in fiffike a naɗe yake. Bayan shiga kariya, sanda kusurwa take nema kai tsaye. Ka saki, jirgi ya zauna a α prot, ko da sai ya sunkuyar da hanci ya rasa tsayi. Ka ja har ƙarshe, ya ba ka α max, saman jan zanen, wanda ke ƙasa kaɗan da inda fiffike zai saki iska, bai ƙara ko ɗigo. Karkata ma tana raguwa zuwa digiri 45.

Tsakanin biyun ne rubutun A.FLOOR ke fitowa, injuna su tashi da cikakken ƙarfi ko da hannayen mai suna IDLE. Kada a haɗa su: wannan aikin na'urar ƙarfin inji ne, ba na dokar tuƙi ba, kuma ba ya aiki ƙasa da ƙafa 100 wurin sauka, don kada ya hana jirgi taɓa ƙasa. In kusurwa ta ragu za ku ga TOGA LK, ƙarfin ya kulle ke nan sai kun cire na'urar da kanku. Wanda ya manta zai tarar da gudu ya hau har ya nufi ɗaya iyakar, ta yawan gudu.

Ku maimaita gwajin cikin kwana. A karkatar digiri 60 fiffike na ɗauke da 2g, gudun da zai saki iska kuma ya ninka sau 1.41, sai ku ga zanen biyu sun hau sama da kansu alhali nauyin jirgi bai sauya ba.

Sai raunin abin. Kwamfuta ba ta ganin iska, harsunan nan uku take saurara, in sun saɓa ta bi biyun da suka yi daidai da juna. To in biyun ne suka yi ƙarya tare fa? Ranar 5 ga Nuwamba 2014, wani A321 da ya tashi daga Bilbao zuwa Munich ya gamu da haka: harsuna biyu suka daskare a kusurwa ɗaya yana hawa. Da yake α prot na raguwa in lambar Mach, wato gudun jirgi gwargwadon gudun sauti, ta ƙaru, iyakar ta sauko ta tarar da ƙaryar, kariya ta shiga ta sunkuyar da hancin jirgi mai lafiya, ya rasa kusan ƙafa 4,000. Alamar ita ce zanen baƙi da ruwan goro yana hawa ba dalili, ba kwana ba nauyin g. Mafita ita ce kashe biyu cikin ADR uku, na'urorin da ke kai wa kwamfuta bayanan iska, jirgi ya koma ALTN LAW, dokar tuƙi ta madadi, kariya ta janye, koren alamun = na allo su zama x ruwan goro. Daga nan gargaɗi kawai ya rage, fiffike na iya sakin iska kamar na kowane jirgi.

Asabar mai zuwa kowa ya zo da gudun da ya gani a α prot da α max, fiffike naɗe da kuma CONF FULL, wato a buɗe gaba ɗaya, tare da nauyin da ya sa wa jirgin.