Laraba: baƙin ƙarfe mai zafi cikin ruwan sanyi

Yau da 'yan aji biyar na wuni a ɗakin gwaje-gwaje. Mun ɗaure dunƙulen baƙin ƙarfe mai nauyin giram 200 da zare, muka bar shi cikin tafasasshen ruwa har ya ɗauki zafin ruwan. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 98, don a nan Kano ruwa ba ya kaiwa 100 kafin ya tafasa, saboda muna kan tudu. A gefe kuma ga ruwan sanyi giram 300 mai digiri 28 cikin kofin jan ƙarfe da muka naɗe da auduga.

Kafin mu tsoma, na tambaye su inda zafin zai tsaya. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai tsakiya ne, 63." Yawancinsu suka goya mata baya, shi ya sa na ja su allo tukuna.

Zafin da ƙarfen ya saki shi ne ruwan ya sha, kuma Q = mcΔT ce ke ba da kowannensu: Q yawan zafi ne da ake aunawa da jul, m nauyi, c zafin da kilo ɗaya ke buƙata kafin ya hau digiri ɗaya, ΔT kuma canjin digiri. Ana buƙatar kimanin jul 450 kafin kilo ɗaya na baƙin ƙarfe ya hau digiri ɗaya, ruwa kuwa sai an ba shi 4200. Ke nan dunƙulenmu na sakin jul 90 a duk digirin da ya sauka, ruwan kofin kuma na shan 1260 kafin ya hau ɗaya. Idan T ne digirin da za su tsaya a kai:

90(98 − T) = 1260(T − 28)

Aka warware, T ya fito 32.7. Ƙarfen zai faɗo da fiye da digiri 65, ruwan ko biyar ba zai hau ba, domin 1260 ya ninka 90 sau goma sha huɗu. Wannan nake so ya zauna musu fiye da lissafin kansa.

Muka tsoma, muka rufe, muka dinga motsawa har ma'aunin ya daina hawa. Rukunin farko suka samu 32.1. Giɓin bai dame ni ba. Kofin ma ya sha nasa rabon: giram 100 ne na jan ƙarfe, wato kusan jul 39 a kowane digiri, kuma da muka sa shi a lissafi amsar ta dawo 32.5. Sauran kuwa iska ce ta kwashe tsakanin tukunya da kofi.

Na rukuni na biyu ne ya fi tsaya mini a rai: sun samu 33.2, sama da lissafi. Zafi ba ya ƙaruwa haka kawai. Sun cire ƙarfen yana ɗigar ruwan zafi, suka jefa ba su kakkaɓe ba. Giram biyu kacal na wannan ruwan na ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da dukan ƙarfen ke ɗauka. Suka sake, suka girgiza zaren sau ɗaya da hanzari, suka samu 32.2.