Sitiret Ɗaya, Silaid Uku

Mu uku ne a ɗan kamfaninmu, kuma zanen darussan kimiyya muke yi. Kwanakin baya wata malamar bayokemistiri ta turo mana silaid 46, kowace hanyar sarrafa abinci a jiki da nata shafin, ta ce mu haɗe su a taswira guda wadda ɗalibi zai duba ya ga inda ake riƙe linzami.

Ba da gulukos nake farawa ba. Bangon maitokondiriya, ɗan ɗakin samar da ƙarfi a cikin ƙwayar halitta, nake fara ja, domin shi ke raba gida biyu: gilaikolisis, wato farfasa gulukos, da ƙera kitse a waje suke, da'irar Krebs mai ƙarasa ƙona abinci da ƙona kitse kuwa a ciki. Daga nan sai kibiyoyi. Matakan gilaikolisis 10 ne, amma 7 suna tafiya gaba da baya, don haka siririn layi mai kai biyu ya ishe su. Sauran 3 ba sa juyawa, wato na hekzokines, PFK-1 da fairubet kines, enzayim ɗin da ke hanzarta waɗannan matakan. Su nake kaurarawa in rubuta sunan enzayim ɗinsu ɓaro-ɓaro.

Sitiret, sinadarin da ake samu a matakin farko na da'irar Krebs, shi ne ya ba ni wahala. A silaid ɗin malama ya fito wuri uku daban, kamar ba abu ɗaya ba ne: a da'irar Krebs, a shafin PFK-1 inda yake taka birki, da shafin kitse inda yake zuga ACC, enzayim ɗin da ke fara ƙera kitse. A zanen farko sai na ja jan layi daga da'irar kai tsaye zuwa PFK-1, ya ratsa bangon. Malama ta zagaye shi da biro ta rubuta, "Ta wace ƙofa ya fita?" Gaskiyarta. Sai sitiret ya yi yawa a ciki, mai dakonsa ya fitar da shi waje, sannan yake wannan aikin. Dole na zana ƙofar, na matso da PFK-1 da ACC kusa da ita.

Ina gyara wannan, labarin ya fito da kansa. Sitiret ya fita, ya rage gudun gilaikolisis, ya tashi ACC. Shi kuma ACC ya samar da malonil-CoA, tubalin ƙera kitse, wanda ke tare CPT-1, ƙofar da kitse ke bi ya shiga a ƙona shi. Ke nan ba a ƙera kitse ana ƙona shi lokaci guda.

Layin sarrafawa ɗigo-ɗigo nake yinsa, da ⊕ ko ⊖ a ƙarshe, don kada a ɗauka wani abu ne ya rikiɗe ya zama wani. Ina kuma buga gwaji ba launi, saboda ja da kore duk toka-toka suke komawa a fotokwafi.

A saman taswirar na rubuta "Hanta". Tsoka ba ta da gulukos-6-fosfates, enzayim ɗin da ke sakin gulukos a hanta, saboda haka kibiyar da ke mayar da gulukos cikin jini ba tata ba ce. Malama ta ce ta tsoka sai zango mai zuwa.