Yadda na koyi zaɓa wa katin banki hanyar da zai bi

Na yi aiki a wani ƙaramin kamfani a Kano da ke sayar da katin wutar lantarki da data ta manhajar waya, kuma aikina shi ne kula da ɓangaren karɓar kuɗi. Muna hulɗa da kamfanoni biyu masu karɓar kuɗi ta kati a madadin 'yan kasuwa, waɗanda zan kira na farko da na biyu. Duk lokacin da kwastoma ya shigar da lambar katinsa, sai manhajarmu ta yanke hukunci cikin ƙiftawar ido a kan wanda za ta miƙa wa cinikin, shi kuma ya tura shi ta hanyar Verve ko Visa ko Mastercard har zuwa bankin da ya ba da katin, inda can ne ake cewa an amince ko an ƙi. Wannan hukuncin na farko shi kaɗai ne a hannunmu, domin mafi yawan katunan da ke zuwa mana tambari ɗaya suke ɗauke da shi, katin Verve kuwa ta hanyar Verve zai bi ko muna so ko ba ma so. A Faransa, inda kati ɗaya yakan ɗauki tambarin Cartes Bancaires tare da na Visa ko Mastercard, da kuma Amurka, inda dokar 2010 ta wajabta a ba ɗan kasuwa aƙalla hanyoyi biyu a kan katin cirar kuɗi daga asusu, zaɓin yana kaiwa har ga hanyar katin kanta, amma lissafin da ake yi iri ɗaya ne da namu.

Kuskurena na farko ya fito ne daga rahoton da na fi yarda da shi. A ƙarshen wani wata na duba alƙaluma, waɗanda zan daidaita su a nan zuwa dubu-dubu don sauƙin lissafi, na ga a cikin ciniki 1,000 da muka ba kamfani na farko an amince da 780, a cikin 1,000 na kamfani na biyu kuwa 724 ne suka wuce. Kashi 78 cikin 100 da kashi 72 ba su bar wurin gardama ba a ganina, don haka na karkatar da kusan dukkan cinikinmu zuwa na farko, na je na shaida wa maigidanmu cewa ya saurari ƙarin riba. Bayan mako guda sai adadin cinikin da ke wucewa ya faɗi ƙasa da inda yake a da, masu amsa kiran kwastomomi kuma suka fara tambayata abin da na taɓa.

Sai da na rarraba alƙaluman bisa bankin da ya ba da kati kafin na ga inda gizo ke saƙa. Lambobin farko na kowane kati, shida a tsohon tsari, takwas a sabon tsarin da Visa da Mastercard suka fara aiki da shi a watan Afrilun 2022, su ne ke nuna bankin da kuma nau'in katin, kuma a allon aiki `BIN` ake rubuta su. Ashe wanda na gada a kujerar ya daɗe da kafa wata doka da ke tura katunan wasu bankuna biyu zuwa kamfani na biyu saboda rangwamen caji, kuma katunan waɗannan bankuna, masu ɗimbin ɗalibai da ƙananan ma'aikata, sun fi kowane kati yawan dawowa ba tare da an amince ba ko ta ina aka bi da su. A wurin kamfani na farko, 200 kacal ne daga waɗannan bankuna, 116 suka wuce, wato kashi 58, sauran 800 kuwa 664 suka wuce, wato kashi 83. Kamfani na biyu shi ne ya ɗauki 700 daga cikin katunan masu wuya, ya fitar da 469, kashi 67 ke nan, sannan a sauran 300 ya fitar da 255, kashi 85. Ke nan kamfanin da na hukunta ya fi ɗan'uwansa a kowane rukuni, jimillarsa ce kawai ta yi ƙasa domin shi aka ɗora wa kaya mai nauyi. Da a ce an ba kowannensu dukkan ciniki 2,000 na watan, na farko zai fitar da kusan 1,435, na biyu kuma kusan 1,538, alhali rabon da muke yi a da yana ba mu 1,504. Da hannuna na zaɓi mafi muni a cikin ukun.

Daga nan na daina kwatanta kamfanonin da cinikin da wata doka ta riga ta tace. Na ware kashi 10 cikin 100 na kowane rukunin kati ana raba shi tsakanin su biyun ta hanyar ƙuri'a, ba tare da la'akari da wanda ke kan gaba ba, kuma da wannan kason kaɗai nake auna su. Sauran kashi 90 suna bin wanda awon ya nuna ya fi dacewa da wannan banki. Akwai hasara a cikin hakan, domin da gangan ake tura wasu kwastomomi ta hanyar da ake zaton ta fi rauni, kuma maigida ya yi ta ƙorafi a kai, amma idan aka rufe hanya ɗungum ba za a taɓa sanin ranar da ta gyaru ba. Na kuma koyi kada in motsa doka saboda ciniki 30 ko 40, domin a irin wannan ƙaramin adadi mutum uku da asusunsu ya bushe sun isa su sauya sakamako da kashi 7 zuwa 10.

Darasi na biyu ya fi wannan tsada, kuma ya shafi sake gwadawa. Idan aka ƙi ciniki, amsar takan zo da lamba mai alƙaluma biyu bisa tsarin saƙon da bankuna ke amfani da shi, ISO 8583, kuma waɗanda na fi gani su ne waɗannan:

```
00  Approved
05  Do not honor
51  Insufficient funds
54  Expired card
91  Issuer or switch inoperative
96  System malfunction
```

Da farko na sa manhaja ta riƙa miƙa duk cinikin da ya dawo ga ɗaya kamfanin nan take, ina ganin babu abin da za a rasa. Amma lamba 51 tana nufin babu isasshen kuɗi a asusun, 54 kuma katin ya ƙare aiki, kuma ko ta ƙofa goma aka bi, banki ɗaya za a tarar da amsa ɗaya. Abin da sake gwadawar ya jawo mana shi ne kwastoma ya sake jiran saƙon `OTP` a banza, domin tantancewar da ya yi a wurin kamfani na farko ba ta bin sa zuwa na biyu. Ƙari a kan haka, Visa da Mastercard duka suna da ƙa'idoji a kan maimaita cinikin da aka ƙi, akwai dalilan da ba su yarda a sake gwada su sam ba, kamar katin da aka ba da rahoton sace shi, kuma suna cajin wanda ya wuce iyaka. Lambobin da sauya hanya ke iya ceto su ne 91 da 96, waɗanda ke nuna matsala a na'ura, da kuma wani ɓangare na 05, wadda banki ke bayarwa idan bai ga damar bayyana dalilinsa ba. Ita ma 91 tana da harshen damo, domin ko dai bankin ne ya faɗi, ko kuma mahaɗar da ke tsakani. Hanyar da nake bambancewa ita ce in duba ko katunan banki ɗaya suna dawowa da 91 a kamfanonin biyu lokaci guda. Idan haka ne, bankin ne ba shi da sabis, kuma abin da ya dace shi ne a gaya wa kwastoma ya yi taransfa ko ya kawo wani katin. Idan kuwa katunan bankuna daban-daban ne ke dawowa a kamfani ɗaya kawai, to a nan ne sauya hanya ke da amfani na gaske.

Abin da ya hana ni barci shi ne cinikin da ba ya dawowa da lamba ko ɗaya. A daren da aka biya albashi, kamfani na farko ya fara jinkiri, manhajarmu kuma an saita ta ta jira daƙiƙa 30, idan shiru ta ɗauka an ƙi, ta wuce zuwa na biyu. Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne cewa saƙon ya riga ya isa banki, bankin ya cire kuɗin, amsar ce ta maƙale a hanyar dawowa. Da safe wata mata ta iso ofishinmu da wayarta a hannu, ta nuna mini alat biyu na naira 5,000 kowanne, minti ɗaya tsakaninsu, ga kuma lambar wuta guda ɗaya tak, ta ce, "Malam, kuɗin cefanen gidana ne kuka riƙe." Ba ita kaɗai ba ce, kuma a rahotona na wannan dare adadin cinikin da ya wuce ya yi kyau ƙwarai, wanda ya nuna mini cewa alƙalamin da nake bi bai san bambancin sayarwa da cutar mutane ba. Gyaran da muka yi shi ne a ɗauki shiru a matsayin hali na uku, wanda ba amincewa ba ne ba kuma ƙi ba. Kowane ciniki yana da lambar shaida tasa guda ɗaya, kuma idan lokaci ya ƙure sai manhaja ta tambayi kamfanin da wannan lamba ko kuɗin ya fita. Idan ya fita a ba kwastoma kayansa, idan an tabbatar bai fita ba a sauya hanya, idan kuwa shi ma kamfanin bai sani ba, a nemi ya soke cinikin, a sanar da kwastoma ya ɗan dakata, kada a taɓa katinsa a karo na biyu.

Don kada irin wannan dare ya maimaitu, na ƙara wata doka mai sa ido a kan ciniki 50 na baya-bayan nan a kowane kamfani. Idan 15 daga cikinsu sun kasance 91 ko 96 ko shiru, kuma daga bankuna fiye da ɗaya, sai a janye masa ciniki na minti biyar, sannan a gwada shi da kaɗan kafin a mayar masa da kasonsa. Lamba 51 ba ta shiga wannan ƙidaya, domin ana daf da biyan albashi takan yi yawa a ko'ina, kuma da an saka ta da mun riƙa rufe hanya mai lafiya saboda aljihun jama'a.

Na kuma sauya abin da nake kai wa maigida. A da ina ƙirga kowane gwaji ne, ta yadda mutum ɗaya da ya gwada sau uku kafin ya samu yakan bayyana a matsayin faɗuwa biyu da nasara ɗaya. Yanzu ina ƙirga mutanen da suka zo saye da waɗanda suka tafi da kayansu, a gefe kuma in rubuta yawan kuɗin da aka mayar da cajin da kowane kamfani ya cire. A kan katin data na naira 500 bambancin caji yakan cinye ribar ƙarin kashi ɗaya ko biyu na cinikin da ke wucewa, don haka a ƙananan ciniki nakan bar mai sauƙin caji ya ɗauka muddin tazarar ba ta kai kashi 3 ba, a manyan kuɗin wuta kuwa wanda ya fi fitar da ciniki nake bai wa.