Litinin, 1 ga wata: minti huɗu da suka cinye mini safiya

Ina shan koko wajen ƙarfe takwas sakataren ƙungiyar ƴan kasuwar da nake kula musu da manhaja ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, mutane na ta zuwa ofis, wai ba su ga saƙon ajiyarsu na wannan wata ba." Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri, yanzu zan duba." Na ture kofin na buɗe kwamfuta.

Ranar ɗaya ga kowane wata, ƙarfe biyar na asuba, `cron`, manhajar da ke kunna ayyuka a lokacin da aka tsara mata, yana tayar da wani aiki da na rubuta wanda ke tura wa kowane memba saƙon tes na abin da ya tara. Babu mai zama a gabansa, ni kaina a lokacin ina shirin masallaci. Saƙonnin suna bi ta wani kamfanin tura saƙo ne, mu miƙa musu ta intanet, su kuma su kai wa layukan waya. Membobinmu 1,840 ne, kuma aikin yana da hannu takwas, wato saƙo takwas ke fita a lokaci guda, kowanne yana ɗaukar kamar sakan ɗaya.

Rahoton aikin ya nuna komai dalla-dalla. Saƙo 640 sun tafi lafiya. Da 05:01:20 sai takwas ɗin da ke kan hanya suka yi shiru, babu amsa har sakan goma da na ba su suka ƙare. Daga nan sai `503` ke ta zubowa, lambar da sabar, wato kwamfutar kamfanin mai karɓar saƙonninmu, ke bayarwa idan tana cewa ba za ta iya aiki yanzu ba. Shafin sanarwar kamfanin ya nuna sun dawo wajen 05:05, wato matsalar tasu ba ta wuce minti huɗu ba. Amma nawa aikin ya riga ya rufe tun 05:03, ya bar saƙo 1,200 ba a tura ba.

Laifin nawa ne, kuma ya dame ni. A bara na sa masa cewa idan saƙo ya ƙi tafiya ya sake gwadawa har a cika gwaji uku, na kuma ɗauka na yi maganin matsalar. Abin da ban sa ba shi ne jira tsakanin gwajin. Sabar da ke cikin damuwa tana mayar da `503` da sauri ƙwarai, kamar kashi ɗaya cikin biyar na sakan, don haka gwaji ukun kan ƙare kafin sakan ɗaya ya cika, a rubuta saƙon a cikin waɗanda suka gaza, a ɗauki na gaba. A haka hannaye takwas suka cinye duk layin cikin minti ɗaya da rabi, suka ƙwanƙwasa ƙofar mutanen nan kusan sau 3,600 a daidai lokacin da suke fama su tashi. Sannan aikin ya fita da lambar 0, wadda ke nufin an gama lafiya, shi ya sa babu abin da ya sanar da ni.

Ƙarfe tara na sake tura na mutum 1,200 ɗin da hannu, na ce wa Alhaji an gama. Ashe na ƙara wata ɓarna, amma sai bayan azahar na sani.

Sauran safiyar na zauna da biro da takarda. Dabarar sananniya ce, duk wanda ya buga `exponential backoff` a wajen bincike zai same ta, kuma tun shekarun 1970 ake amfani da ita a Ethernet idan kwamfutoci biyu suka yi karo a kan waya ɗaya. Ka gwada, in bai yiwu ba ka jira sakan 2, in ya sake ƙi ka jira 4, sai 8, sai 16, kullum kana ninkawa. Hikimar ita ce ba ka san tsawon matsalar ba. In ɗan tuntuɓe ne na sakan biyu, ka dawo da wuri ba ka yi asarar lokaci ba. In kuwa ta yi nisa, kai ma kana ja da baya, ba ka ƙara wa mara lafiya nauyi.

Abin da na fi ɓata lokaci a kai shi ne lissafin jimillar jiran, domin nan ne na ga mutum zai iya sa dabarar amma ta ƙi yi masa amfani. Misalan da aka fi gani suna tsayawa a jira biyar: 2, 4, 8, 16, 32. Jimilla sakan 62, minti ɗaya da ɗoriya. Da shi na sa, da yau ma saƙonni sun zube, tunda matsalar ta kai kusan sakan 240. Sai na fara daga abin da na gani da idona, na ce dole jimillar ta wuce minti huɗu, ko da a mafi ƙarancinta. Ninkawa kuma ba za a bar ta babu iyaka ba, don jira na goma zai kai sakan 1,024, fiye da minti goma sha bakwai, alhali wataƙila sabar ta daɗe da dawowa. Na sa rufi a sakan 120. Jira goma ke nan: 2, 4, 8, 16, 32, 64, sannan 120 sau huɗu, jimilla sakan 606.

Ƙanena da ke koyon aikin a wajena ya leƙo ya ga na sa `random` a ciki, ya ce, "Yaya, me ya kawo caca cikin lissafi?" Na ce masa ya tuna hannaye takwas ɗin nan a sakan ɗaya suka faɗi. In duk suka jira 2 cif, tare za su dawo, su sake faɗuwa tare, su sake dawowa tare bayan 4. Kuma ba mu kaɗai ba ne, ranar ɗaya ga wata ce, Allah kaɗai ya san yawan masu tura saƙo ta kamfanin nan a wannan lokaci. Sabar da ta fara farfaɗowa, in jama'a suka auka mata gaba ɗaya, sai ta koma ƙasa. Don haka kowane hannu zai zaɓi lokacinsa tsakanin rabin jiran da cikakkensa. Wasu suna barin zaɓin ya fara tun daga sifili, wanda ya fi warwatsa mutane, amma ni ban so ba, saboda ina son in san mafi ƙarancin abin da za a jira. Da tsarina ba zai gaza rabin 606 ba, wato sakan 303, ya wuce 240 ke nan.

```python
for karo in range(11):
    amsa = aika(sako)
    if amsa.status_code not in (429, 502, 503, 504) or karo == 10:
        break
    jira = min(120, 2 ** (karo + 1))
    time.sleep(random.uniform(jira / 2, jira))
```

Lambobi huɗun nan su kaɗai na yarda a sake gwadawa a kansu. `429` na nufin ka cika yawan turowa, sauran ukun kuma matsala ce a ɓangarensu wadda kan wuce. Amma `400`, wanda muke samu idan lambar wayar memba ba ta cika ba, ko `401` idan mabuɗinmu ya daina aiki, ko shekara ka yi kana jira amsar ba za ta canza ba, sai mutum ya gyara da hannu. Na kuma ƙara cewa in amsa ta zo da `Retry-After`, wato sabar ta faɗi da bakinta yaushe za a dawo, kada jiranmu ya gaza abin da ta ce.

Bayan azahar Alhaji ya sake kira. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta zo da wayarta a hannu, saƙo iri ɗaya sau biyu, ɗaya da asuba ɗaya da hantsi, hankalinta ya tashi tana zaton an taɓa mata lissafi. Na bincika, mutum biyar ne haka, kuma duk suna cikin takwas ɗin farko da amsarsu ba ta dawo ba. Saƙonsu ya isa kamfanin, an tura shi, amsar ce ta ɓace a hanya, ni kuma na ƙirga shirun a matsayin gazawa. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai yau. `503` dai an gaya maka ba a karɓa ba, amma shiru bai gaya maka komai ba. Saƙon tes ne ya zo da sauƙi, da kuɗi muke turawa da mutum biyar an biya su sau biyu. Yanzu kowane saƙo yana fita da shaida tasa, lambar memba haɗe da wata da shekara, kuma in aka yi shiru, kafin a sake turawa sai an tambayi kamfanin ko suna da saƙo mai wannan shaidar. Na roƙi Alhaji ya ba Hajiya haƙuri a madadina, ya nuna mata littafi ta ga kuɗinta na nan yadda yake.

Da la'asar wani tunani ya zo mini: to in kamfanin ya kwana a ƙasa fa? Kowane saƙo zai ci kamar minti bakwai da rabi kafin a haƙura da shi, kowane hannu kuma yana da 150 a gabansa. Kusan awa 19 ke nan ana jiran gawon shanu. Sai na sa in saƙo uku a jere suka ƙare gwajinsu babu nasara, aikin ya tsaya gaba ɗaya, ya bar sauran a matsayin masu jiran turawa, ya fita da lambar 1, ya aiko mini da imel. Da farko har na rubuta ya turo mini tes, sai na tuna ta hanyar da ta lalace ɗin zai bi. Ƙarfe bakwai `cron` zai sake tayar da shi ya ɗauki abin da ya rage kawai.

Bayan isha'i na gwada. Na haɗa wata sabar wucin gadi a kwamfutata wadda ke mayar da `503` na minti huɗu sannan ta gyaru, na sakar mata saƙo 1,840 na bogi. Ni da ƙanena muka zuba ido muna kallon tazarar tana buɗewa. Yawancin hannayen a gwaji na tara suka wuce, na ƙarshensu ya makara da fiye da minti ɗaya bayan sabar ta dawo, wanda shi ne kuɗin da ake biya a wannan dabara. Ƙwanƙwasawar da ta tafi a banza sittin da ƴan kai ce, kuma babu saƙon da ya zube.

Abu ɗaya bai kwanta mini ba. In na tambayi kamfanin ko sun karɓi saƙo a daidai lokacin da suke farfaɗowa, zai yiwu su ce babu alhali yana cikin layinsu bai bayyana ba tukuna. Na rubuta musu wasiƙa ina tambayar tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka kafin ya fito a bincike. Kafin su amsa, duk saƙon da aka yi shiru a kansa zai koma gefe, ni zan duba shi da kaina bayan na dawo daga masallaci.