Tana Takawa, Ashe Ƙashin a Karye Yake

Ranar Laraba bayan la'asar na tsaya kemis ɗin bakin layinmu a Gwammaja, sai na tarar da ɗan maƙwabcina yana sayen man zafi da ƙwayar kashe ciwo. Na tambaye shi waye ba lafiya. Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba ya ce, "Kawu, Hajiya Kaka ce ta zame a bakin rijiya jiya. Amma ba komai, tana takawa. Matsematsinta ne kawai take cewa yana mata ciwo."

Sai da na dafa kanta, domin wannan maganar, da waɗannan kalmomin, ni na taɓa faɗin ta da bakina shekara 9 da suka wuce, a kan mahaifiyata.

Inna tana da shekara 74 a lokacin. Da asuba ta fito alwala, damina ce, simintin tsakar gida ya yi gansakuka, ƙafarta ta zame ta faɗi a gefen dama. Ba daga bene ta faɗo ba, daga tsaye ne zuwa ƙasa. Matata ta kama ta ta miƙe, ta ƙarasa alwalarta, ta koma ɗaki da ƙafarta tana dafa bango, ta yi sallah a zaune. Da na shigo gaishe ta na ce, "Inna, mu je a duba ki." Ta ce, "Haba ɗan nan, buguwa ce. Wanda ya karye yana tafiya ne? Tafi kasuwarka." Na tafi Kantin Kwari hankalina kwance.

Na sha gaya wa kaina cewa kowa a matsayina haka zai yi. Tun muna yara abin da muka sani ke nan: karaya tana zuwa da kumburi da ihu, wanda ya karye ba ya miƙewa. Inna ba ta kumbura ba, fatar wurin ko canza launi ba ta yi ba. Kuma uwa ce, ta ce a'a, wa ya koya mana yi wa uwa musu? Amma akwai abin da na gani na kawar da kai. Duk lokacin da na tambaye ta inda ke ciwo, ba bayan ƙugunta take nunawa ba, tafin hannu take sawa a gaba, a lungun da cinya ta haɗu da mara, wani lokacin kuma ta shafo har gwiwa. Idan za ta hau gado sai ta sa hannu biyu ta ɗaga cinyar ta ɗora. Na ga wannan da idona kwana shida a jere. Kuma gaskiyar da ta fi min ɗaci, lokacin ana shirin sallah ne, kasuwa na ci, ban so abin ya zama babba ba.

Na saya mata ƙwaya, irin wadda yaron nan yake saye. Ciwon ya lafa, sai ta ƙara yawan tafiya, har tana zuwa ƙofar gida. Na ɗauki hakan a matsayin sauƙi. A kwana na huɗu na kawo mai ɗori, ya murza wurin, ya ja ƙafar, ya ce targaɗe ne. Ba na ɗora masa laifi shi kaɗai, ni na kira shi, kuma abin da ke can cikin ƙugu ƙarƙashin nama mai kauri hannu ba ya jin sa.

A kwana na bakwai ta yunƙura za ta tashi daga kan kujerar tsuguno, sai ta yi ƙara ta zube. Da muka kwantar da ita na ga abin da ba zan manta ba: ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta, tafin kuma ya kwanta ya juya waje, ɗan yatsan ƙarshe yana taɓa tabarma. A ranar muka kai ta Asibitin Ƙashi na Dala.

Likitan da ya duba hoton ya zaunar da ni ya zana min a takarda, kuma abin da ya faɗa shi nake so ku riƙe. Ƙashin cinya ba miƙaƙƙe ba ne har sama. Can ƙarshensa yana lanƙwasa ciki, ya yi siririn wuya, sannan ya ƙare da dunƙulallen kai da ke zaune cikin ramin kwatangwalo. Wannan wuyan shi ke ɗauke da nauyin mutum a kowane taku, kuma a jikin tsoho, musamman mace da ta daɗe da daina al'ada, ƙashin ya zama holoƙo a ciki kamar tsohon kara. Faɗuwa daga tsaye ta isa ta karya shi. To, wani lokaci idan ya karye, ɓangarorin biyu ba sa rabuwa, sai su cusu cikin juna su cije, kamar ka karya kara ka tura ɓari ɗaya cikin ɗaya. A haka mutum zai iya tsayawa, ya yi tafiya yana ɗingishi, kwanaki har makonni. Cijewar nan ba ta da tabbas, kowane taku yana girgiza ta, har ranar da za ta saki.

Gaɓar ƙugu kuma a gaba take bayyana ciwonta, a matsematsi, wani lokacin ta aika shi gwiwa saboda jijiyoyin da suka haɗa su. Shi ya sa ake ta shafa wa gwiwa mai, alhali ɓarnar tana sama.

Na tambaye shi, da na kawo ta ranar farko fa? Bai ɓoye min ba. Ya ce jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin a jikin wuyan nan suke bi. Muddin karayar ba ta goce ba, yawanci suna nan lafiya, kuma ana iya ɗaure wurin da kusoshin ƙarfe, galibi guda 3, ta ƙaramin yanka, mutum ya riƙe ƙashinsa na asali. Idan ta goce, jijiyoyin kan tsinke, kan ƙashin ya rasa jini ya mutu, ko wurin ya ƙi haɗewa. Shi ya sa a tsoho sai dai a cire kan gaba ɗaya a sa na ƙarfe. Abin da aka yi wa Inna ke nan. Aikin ya fi girma, kuɗin ya ninka, jinin da ta zubar ya fi yawa. Ta rayu shekara huɗu bayan haka, Allah Ya jiƙanta, amma ba ta ƙara zuwa gidan ƙanwarta a Fagge da ƙafarta ba, kuma ba ta ƙara yin sujada a ƙasa ba. Wannan na ƙarshen ne yake hana ni barci.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma da na zauna sai na ga kaɗan ne suka tsaya.

Tsoho ya faɗi, ya ce matsematsinsa ko ƙugunsa ko cinyarsa na ciwo idan ya taka, ku ɗauka karaya ce har sai hoto ya ce ba ita ba ce. Kada ku ce "taka mu gani". Wannan gwajin shi ne ya yaudare ni, kuma shi ne yake iya gotar da ƙashin. Idan tsohuwa tana kwance ta kasa ɗaga ƙafar a miƙe daga kan katifa, ko ta ji zafi a matsematsi da ƙafar ta ɗan mirgina, alamar ta ƙara ƙarfi. Amma ko ta iya ɗagawa, kada ku saki jiki. Ni kaina da na faɗi wannan gwajin ina tsoron ku mai da shi hujjar zama a gida, don na san halinku, abu kaɗan kuke nema ku koma kan waya. Gara ma ku bar gwajin ga likita.

Ku kai ta a ranar, kuma a kwance. Kada ku cusa ta a Adaidaita Sahu tana zaune ana faɗawa ramuka da ita. Ku nemi mota, ku ɗauke ta mutum uku ko huɗu a kan bargo mai ƙarfi ko faffaɗan katako, a sa matashi ya tallafi ƙafar yadda ta fi jin daɗi, kada wanda ya ja ta don ya daidaita. Likitocin ƙashi suna son a yi aikin karayar ƙugu cikin kwana biyu idan jikin mutum ya ba da dama, saboda kwanciya ita ke cinye tsoho: ciwon huhu, gyambon baya, daskarewar jini a ƙafa, ciwon mafitsara. Masu cewa ta tsufa da tiyata, a bar ta ta kwanta ƙashin ya haɗe da kansa, ba su ga abin da wata biyu a katifa ke yi wa mai shekara 80 ba.

Ƙwayoyin nan na kemis kuma, irin su dikulofenak, bayan rufe ciwon da suke yi har mutum ya ci gaba da takawa, suna iya cin cikin tsoho su taɓa ƙodarsa. Farasitamol ya fi sauƙi kafin a isa asibiti.

Kullum ina yi wa yaran yanzu faɗan rashin jin maganar manya, kuma ban janye ba. Amma a wannan wurin, kada ku ji. Za ta ce ba komai, za ta ce kada a ɓata kuɗi, za ta ce ita ba a taɓa yanka ta ba. Tsofaffinmu sun saba haɗiye ciwo, kunya ma kan hana tsohuwa nuna wa jikanta namiji matsematsinta. Ku sa mace ta tambaye ta. Ku durƙusa ku roƙe ta, ku kira wanda take jin nauyinsa, amma ku kai ta.

Ba duk ciwon matsematsi bayan faɗuwa ne karayar wuyan cinya ba. Yana iya zama tsagewar siririn ƙashin gaban kwatangwalo, wadda yawanci ba ta buƙatar tiyata, ko buguwar nama kawai. Sai dai daga waje duk kamarsu ɗaya.

A kemis ɗin na karɓe ledar daga hannun yaron, na ce ya sa wayar a aljihu ya kalle ni. Ya ɓata rai, ya ce, "Kawu, wallahi da kanta ta je banɗaki ɗazu." Na ce na sani, tawa ma ta je. Muka tafi wajen mahaifinsa tare, bayan magariba aka kai Hajiya Kaka asibiti a motata, a kwance a kujerar baya.

Hoton farko bai nuna komai ba, yaron ya dube ni kamar na tayar musu da hankali a banza. Likitan ya ce hoton ƙashi na yau da kullum yakan kasa nuna siririyar tsagewa a kwanakin farko, kuma tunda har yanzu tana jin zafi idan an juya ƙafar, kada ta taka ko sau ɗaya sai an yi mata hoton na'ura mai nuna cikin ƙashi dalla-dalla, wato em-ar-ai, in bai samu ba a yi siti sikan. Yaron ya fara ƙorafin tsada, shi da wayar hannunsa ta isa ta biya. Mahaifinsa ya tsawatar masa. An ba su gobe da ƙarfe tara na safe, ni zan kai su.