Yadda muka rage kwanakin jiran kuɗin bashi daga 40 zuwa 28

Ni ke riƙe da littattafan lissafi na wani shagon sari a Gombe, inda muke sayar da fulawa da sukari da man girki ga masu gidajen burodi da masu shaguna, daga cikin gari har Kumo da Bajoga da Billiri. A ƙarshen watan Maris Alhaji mai shagon ya ce da ni: "Malam, ciniki yana ƙaruwa, amma idan tirela ta iso sai na rasa kuɗin da zan biya. Ina kuɗin suke?" Na ce: "Ranka ya daɗe, suna hannun jama'a, sai dai a ba ni lokaci in auna kwana nawa suke yi a can." Ma'aunin da na yi amfani da shi shi ne wanda akantoci ke rubutawa DSO, wato matsakaicin kwanakin da kuɗin kayan da aka bayar bashi ke ɗauka kafin su dawo asusu.

Lissafin yana buƙatar abu uku: jimlar bashin da ake bin mutane a ranar da aka rufe littafi, jimlar cinikin bashi na wani lokaci, da yawan kwanakin wannan lokacin. Ana raba na farko da na biyu, sannan a ninka da na uku. Daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris kwana 90 ne, kuma a cikinsu mun yi cinikin naira miliyan 60, amma miliyan 24 kuɗi hannu ne, saboda haka cinikin bashi miliyan 36 ne. Da na tattara duk inbois ɗin da ba a gama biya ba, na samu miliyan 16. Raba 16 da 36, a ninka da 90, ya ba da kwana 40, alhali kuwa wa'adin da muke rubutawa a kan kowane inbois kwana 14 ne.

Dole ne a cire cinikin kuɗi hannu kafin a raba. Da na raba da miliyan 60, da amsar ta zama kwana 24, wadda za ta kwantar da hankalin Alhaji a banza, domin mai biya nan take ba ya cikin waɗanda ake jira. Haka kuma idan wasu kayan suna ɗauke da harajin VAT na kashi 7.5, to a haɗa shi a ɓangarorin biyu ko a cire shi daga duka biyun, tun da abin da ake bin mutum ya ƙunshi harajin.

Abin da ya fi jan hankalin Alhaji shi ne darajar kwana guda. Miliyan 36 a kwana 90 naira 400,000 ce a kullum, ma'ana duk kwana ɗaya da aka rage daga cikin 40 ɗin, naira 400,000 ce za ta dawo hannu ba tare da an sayar da ƙarin buhu ko ɗaya ba.

Sai dai wannan lissafin yana ɗauka cewa ciniki daidai yake a kowane wata, namu kuwa ba haka yake ba: miliyan 10 a Janairu, 12 a Fabrairu, 14 a Maris. Idan ciniki yana hawa, sabon bashi yana kumbura jimlar ko da babu wanda ya ƙara jinkiri. Don haka na sake ƙirgawa ta baya. Daga miliyan 16 na cire cinikin Maris gaba ɗaya, wato kwana 31, saura miliyan 2, waɗanda kashi ɗaya ne cikin shida na cinikin Fabrairu, wato kusan kwana 5 daga cikin 28. Amsar ta zama kwana 36. Babu wadda ta yi ƙarya a cikin hanyoyin biyu, amma wanda ya zaɓi ɗaya sai ya tsaya a kanta, in ba haka ba ba zai iya kwatanta wannan zango da na gaba ba.

Lamba ɗaya ba ta nuna wanda ke riƙe da kuɗin, saboda haka na koma kan takardun ɗaya bayan ɗaya. Na shigar da su a Excel: sunan mai saye a A, ranar da aka kai kaya a B, lambar inbois a C, kuɗi a D, ranar biya a E, sannan kwanaki a F. Layin farko na ƙasa yana fitar da kwanakin kowane inbois, na biyun kuma matsakaicin da ya yi la'akari da nauyin kuɗi:

```
=IF(E2="",TODAY(),E2)-B2
=SUMPRODUCT(D2:D400,F2:F400)/SUM(D2:D400)
```

Nauyin kuɗi yana canza amsa ƙwarai. Akwai wani mai gidan burodi da ke da inbois uku: na naira 300,000 da ya biya a kwana 10, na 200,000 a kwana 12, da na miliyan 2.5 da ya kai kwana 50. Idan aka haɗa kwanakin aka raba uku, za a ce yana biya a kwana 24, amma idan aka ninka kowane kuɗi da kwanakinsa kafin a raba da jimlar miliyan 3, kwana 43 ne da ɗoriya. Mutumin yana saurin biyan ƙananan ne domin a ci gaba da ba shi kaya, babban kuma ya bar shi ya kwana. Shi ya sa ma layin farko yake ƙirga wanda ba a biya ba har zuwa yau, domin wanda ya auna takardun da aka biya kaɗai ya bar mafi munin bashi a waje. Wanda aka biya kashi-kashi kuwa, kowane kashi na ba shi layinsa da ranarsa.

Da na jera miliyan 16 ɗin bisa tsufa, miliyan 6 wa'adinsu bai cika ba, miliyan 4 suna tsakanin kwana 15 da 30, miliyan 3.5 tsakanin 31 da 60, miliyan 2.5 kuma sun haura kwana 60. Miliyan 6 na farko daidai suke da kwana 15, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za mu iya kaiwa ko da kowa ya cika alkawari. Sauran kwana 25 su ne jinkirin da ake iya aiki a kansa, kuma fiye da rabin abin da ya haura kwana 30 yana hannun mutum biyar ne kawai.

Gyara na farko a cikin shago yake. Direba yakan kai kaya Billiri ran Talata, webil ɗin da aka sa wa hannu ba zai dawo ba sai Juma'a ko Asabar, kuma sai ya dawo ake rubuta inbois. Mai saye kuwa daga ranar da takarda ta isa hannunsa yake fara ƙirga kwana 14. Wannan ne dalilin da ya sa na sa ranar kai kaya a B maimakon ranar inbois, domin kwanakin nan uku ko huɗu ba sa fitowa a lissafin da ya fara daga ranar takarda. Yanzu inbois yana tafiya tare da mota, direba yana ɗaukar hoton webil da zarar an sa hannu ya turo ta WhatsApp, kuma ba ma rubuta "kwana 14" kawai, muna rubuta ainihin ranar da za a biya da lambar asusu da manyan baƙaƙe.

Na biyu, kuɗin da ya shigo amma ba a san na wane ne ba. Mutum zai ba yaronsa kuɗi ya tura ta hannun mai POS, alat ya zo da sunan da ba mu sani ba, bashin kuma ya ci gaba da zama a littafi. Na tarar da kusan naira 900,000 irin wannan, wato fiye da kwana biyu na lissafin ba bashi ba ne ma. Kowace safiya yanzu ina haɗa bayanin banki da littafi, kuma duk wanda ya tura sai ya aiko hoton rasit. Daga cikin tsofaffin basussukan ma akwai wanda ya tsaya saboda buhu huɗu da ruwa ya taɓa: mai saye ya ƙi biyan inbois na miliyan 1.2 gaba ɗaya har sai an cire su, babu kuma wanda ya rubuta takardar ragin. Da aka rubuta, a makon ya biya.

Na uku shi ne ya fi wuya, domin ya shafi mutunci. Mun sa wa kowa iyakar bashi gwargwadon abin da yake ɗauka a mako biyu, kuma ba a loda wa mutum kaya na uku sai ya biya na farko. Masu burodi kullum suke karɓar kuɗi daga masu shayi da masu talla, don haka maimakon a jira su tara miliyan biyu, muka koma karɓa kashi-kashi ran Litinin da Alhamis. Ina kiran waya kwana biyu kafin wa'adi, domin a lokacin tunatarwa ce, bayan ya wuce kuwa ta zama bin bashi, kuma mutane ba sa karɓar su iri ɗaya. Mutum biyar ɗin nan Alhaji da kansa ya je ya same su, aka rubuta yadda za su biya a hankali, sabon kaya kuma kuɗi hannu har su gama.

Tara a kan jinkiri ba mu ma tattauna ta ba, tun da ƙari a kan bashi kuɗin ruwa ne. Ragin kashi 2 ga mai saurin biya kuma na ba da shawarar a bar shi, domin abin da muke samu a kan buhu bai wuce kashi 5 ba, ragin zai cinye kashi biyu cikin biyar na ribar. Abin da muka yi shi ne farashi biyu, na kuɗi hannu da na bashi, mai saye ya zaɓi ɗaya kafin a ƙulla ciniki.

Daga Afrilu zuwa Yuni, kwana 91, cinikin bashi ya kai miliyan 39, bashin da ke waje kuma ya sauka zuwa miliyan 12, wanda ya ba da kwana 28 ta hanyar farko. Kafin in kai wa Alhaji na duba abu biyu. Goge bashi daga littafi yana rage lambar: da mun goge miliyan 2.5 ɗin nan, da kwana 6 sun faɗi ba tare da kobo ya shigo ba, kuma ba mu goge komai ba. Hana bashi ma yana rage ta, amma ciniki ke biyan kuɗin hakan, namu kuwa ya ƙaru da miliyan 3, ko da yake masu saye biyu sun koma wani shagon saboda dokar kaya na uku. Ɗaya daga cikinsu har yanzu muna bin sa naira 700,000, yana biyan 50,000 duk mako.